Sitiradul kafin sanarwar riba: nawa ne motsin da hannun jari zai wuce kafin ka ci riba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi kol, wato kwantiragin damar saye, da fut, wato na damar sayarwa, a kan hannun jarin wani kamfani ranar Laraba, dab da tashin kasuwa, saboda da yammar ne zai fitar da rahoton ribarsa na wata uku. Hannun jarin yana dala 100, duka kwantiragin biyu a kan 100 suke, wa'adinsu Juma'a. Kol ɗin dala 4.10, fut ɗin 3.90. Da safiyar Alhamis ya buɗe a 105, amma sai na tarar ina cikin asara. Ba cewa ake yi ko sama ya yi ko ƙasa ana ci ba? Yaya zan san motsin da nake buƙata tun kafin in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Motsin da kake buƙata yana rubuce a jikin kuɗin da ka biya. Dala 4.10 da 3.90 sun tashi dala 8 a kan kowane hannun jari, kuma tunda kwantiragi ɗaya a kasuwar Amurka yana wakiltar hannun jari 100, dala 800 ce ta fita daga asusunka. Raba dala 8 ɗin nan da farashin hannun jarin, wato 100, sai ka samu kashi 8 cikin 100. Wannan shi ne motsin da kasuwa ta riga ta saka a cikin farashi, shi ne kuma shingen da sai ka tsallake shi. Idan ka riƙe har wa'adi ya cika, ba ka fara ganin riba sai hannun jarin ya haura 108 ko ya gangaro ƙasa da 92. Duk inda ya tsaya a tsakanin waɗannan biyun, asara ce, bambancin kawai yawanta.

```
motsi = (kol + fut) / farashi
motsi = (4.10 + 3.90) / 100 = 8%
```

Masu cewa ko sama ko ƙasa ana ci ba ƙarya suka yi ba, amma rabin zancen suka faɗa. Sitiradul, wato haɗin kol da fut a kan farashi ɗaya da wa'adi ɗaya kamar wanda ka saya, ba ya tambayar ina farashi ya nufa, nisan da ya yi yake tambaya. Kuma a kullum ɗaya daga cikin ƙafafun biyu, kol ko fut, mutuwa take yi. Ƙafar da ta rayu ita ce za ta biya kuɗin kanta, ta biya na 'yar'uwarta da ta mutu, sannan abin da ya yi saura ya zama naka.

Bari mu bi kuɗinka na safiyar Alhamis. A 105, kol ɗinka yana da dala 5 ta zahiri, domin yana ba ka damar sayen abin 105 a kan 100. Fut ɗin ba shi da komai na zahiri. Abin da ya rage wa kowannensu a kan wannan shi ne ƙimar lokaci, wato kuɗin da mutane za su biya saboda tsammanin cewa farashi zai iya ƙara motsawa kafin Juma'a. Ranar Laraba wannan ƙimar ita ce dala 8 ɗin gaba ɗaya, domin a 100 babu ƙafar da ke da ko santi na zahiri. Da rahoto ya fito, abin da ake tsammanin ya riga ya faru. In muka ɗauka cewa kasuwa tana ganin saura motsi na kusan dala 4 ne a yini biyun da suka rage, lissafi zai ba kol ɗin kimanin 5.20, fut ɗin kuma 0.20. Jimilla 5.40. Ka biya 800, kana riƙe da 540, asarar dala 260, kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗinka, alhali hannun jarin ya yi tsallen da a kowace rana daban za a kira shi babba. Ina kyautata zaton abin da ka gani a allonka bai yi nisa da wannan ba.

Da a ce bai motsa ko kaɗan ba, ya buɗe a 100, sitiradul ɗin zai koma wajen 3.20, ka rasa kashi 60 cikin 100 a dare ɗaya. Wannan rushewar ita ce kake gani a lambar da dillalai ke rubutawa IV, wato yawan kai-komon farashi da kuɗin kwantiragi ke nunawa a shekara. Mutane da yawa suna ɗaukar rushewar IV kamar wata masifa ce da ta faɗo musu ba zato. Ba haka ba ne. Kowa a kasuwa ya san za ta rushe, wanda ya sayar maka ya sani, kuma an san kusan inda za ta koma. Ba ita ce ta ci kuɗinka ba. Abin da ya ci kuɗinka shi ne ka sayi motsin 8 an kawo maka 5.

Wani zai ce ai ba sai ka jira Juma'a ba, in ka sayar da safiyar Alhamis akwai sauran ƙimar lokaci, don haka shingen ya yi ƙasa da 8. Gaskiya ne, amma ragin bai taka kara ya karya ba. Ƙimar lokaci tana da kauri ne idan farashi yana kusa da 100, inda ba ta amfane ka. Da zarar ya yi nisa zuwa 108 ko 92, sai ta kusa ƙarewa. Da irin lissafin da muka yi a sama, motsin da zai mayar maka da dala 8 ɗinka da safiyar Alhamis kusan 7.9 ne. Ka ga santi 10 ne kacal bambancin.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, domin a nan ne mafi yawan mutane ke ruɗewa. Kashi 8 ɗin nan ba yana nufin kasuwa ta ce hannun jarin zai motsa da kashi 8 ba, ba kuma yana nufin damarka rabi da rabi ce ba. Matsakaicin girman motsi ne, idan aka tara duk abubuwan da za su iya faruwa aka auna kowanne da yiwuwarsa. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da ta fito daga lissafin Black da Scholes na 1973, wadda ke aiki sosai ga sitiradul na gajeren wa'adi da aka saya a daidai farashin kasuwa:

```
sitiradul ≈ 0.8 × S × IV × sqrt(T)
```

S shi ne farashin hannun jari, T kuma lokacin da ya rage a ma'aunin shekara. Abin da ke bayan 0.8 ɗin shi ne abin da masu ƙididdiga ke kira sigima ɗaya, wato faɗin bazuwar farashi. A naka misalin, 8 a raba da 0.8 ya ba da 10. Kenan kasuwa tana cewa sigima ɗaya kashi 10 ne daga Laraba zuwa Juma'a, matsakaicin motsi kashi 8.

In har motsin yana bin bazuwar da aka saba da ita a ƙididdiga, mai siffar ƙararrawa, to yiwuwar ya wuce 0.8 na sigima, sama ko ƙasa, kusan kashi 42 ne zuwa 43 cikin 100. Motsin da ke tsakiya kuwa, wanda rabin lokuta ake gaza shi rabi ake wuce shi, kusan kashi 6.7 ne. Ma'ana, ko da an sayar maka a farashin adalci tsantsa, babu ko santi na ƙari, za ka yi asara a lokuta fiye da waɗanda za ka ci. Adalcin yana zuwa ne daga cewa asararka tana da iyaka, dala 800, riba kuwa ba ta da ita, sai wasu manyan tsalle ƙalilan su cike gurbin ƙananan asarori masu yawa. A zahiri ma lamarin ya fi haka karkata, domin motsin ranar rahoto ba ya bin ƙararrawar daidai. Ƙananan motsi sun fi yawa, manya-manyan kuma sun fi girma fiye da yadda lissafin ke nunawa. Wannan yana ƙara rage yawan lokutan cin nasara, yana ƙara tattara ribar duka a cikin 'yan ranaku.

Irin waɗannan ranakun su ne kowa ke tunawa. Meta ya faɗi da kusan kashi 26 ranar 3 ga Fabrairun 2022. Netflix ya faɗi da kusan kashi 35 ranar 20 ga Afrilun shekarar, bayan ya sanar da raguwar masu biyan kuɗin kallo. Nvidia ya tashi da kusan kashi 24 ranar 25 ga Mayun 2023. Duk wanda ke riƙe da sitiradul a waɗannan darare ya kwashi kuɗi. Sai dai ana ba da labarinsu ne saboda ba kasafai suke faruwa ba, kuma babu mai ba da labarin ɗaruruwan rahotannin da suka fito a makonnin nan aka motsa da kashi 2 ko 3 aka wuce.

A gefe guda, za ka ci karo da masu cewa a ninka kuɗin sitiradul da 0.85 don a samu motsin da ake tsammani, wasu kuma su ce a ninka da 1.25. Kada su rikita ka, kowannensu abu daban yake aunawa. Na 1.25 yana mayar da kai sigima ɗaya, wato 10 ɗin nan. Na 0.85 yana kai ka kusa da motsin tsakiya, 6.8. Wasu manhajojin dillalai suna nuna ɗaya daga cikinsu da sunan motsin da ake tsammani. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake shingenka. Shingenka shi ne abin da ya fita daga aljihunka, ba ragi.

Kuma abin da ke fita daga aljihu yakan fi lambar tsakiya da kake gani. A ce allon ya nuna kol ana saye a 3.95 ana sayarwa a 4.25, fut kuma 3.75 da 4.05. Tsakiyarsu ita ce 4.10 da 3.90, kuma kai ka yi sa'a ka samu a nan. Wanda ya danna saye a farashin kasuwa kai tsaye zai biya 8.30. Da safe kuma, a mintunan farko bayan buɗewa, tazarar saye da sayarwa tana buɗewa sosai, musamman a kan ƙafar da ta yi nisa cikin riba, sai ya sake barin santi 20 ko fiye a wajen fita. Haɗe da kuɗin dillali, shingensa na gaskiya ya zama 8.5 ko sama. Rabin dala a kan dala 8 ya haura kashi 6 cikin 100 na jarin, a kasuwancin da ko a farashin adalci ba riba ba asara yake. A ƙananan kamfanoni da ba a cinikin kwantiraginsu sosai, tazarar kaɗai ta isa ta kashe cinikin tun kafin a fara. Shi ya sa ake saka odar ƙafafun biyu a haɗe, da ƙayyadadden farashi, in ba a samu ba a haƙura.

To me ya sa farashin yakan yi tsada? Ka duba lamarin daga wajen mai sayarwa. A ranakun yau da kullum, mai samar da kasuwa, wato ɗan kasuwar da ke tsaye kullum yana saye yana sayarwa, in ya sayar da kwantiragi yana kare kansa ta hanyar saye da sayar da hannun jarin kaɗan-kaɗan yayin da farashi ke tafiya. A daren rahoto wannan kariyar ba ta aiki, saboda farashin ba tafiya yake yi ba, tsalle yake daga 100 zuwa 88 ba tare da ya taka 95 ba. Wanda zai ɗauki haɗarin da ba ya iya karewa dole ya nemi ladan ɗaukarsa, kamar yadda kamfanin inshora ke karɓar abin da ya ɗara matsakaicin diyyar da yake biya. Ga kuma masu riƙe da hannun jarin suna neman fut don kariya, ga masu neman sa'a suna rububin kol, duk a mako ɗaya. Ba na cewa kowane sitiradul ya yi tsada. Ina cewa wanda ya saya ba tare da dalili ba, a ɓangaren masu biyan lada ya tsaya.

Dalilin kuwa guda ɗaya ne tak da ke da ma'ana: kana ganin motsin zai fi wanda aka saka a farashi, kuma kana iya faɗin me ya sa. Mataki na farko shi ne ka ware motsin ranar rahoto daga na sauran ranaku. A ce wannan hannun jarin yakan yi kai-komo na kashi 2 a yini idan babu labari, wanda ya yi daidai da IV na kusan 32, tunda ana raba IV da 16 a samu na yini. Daga tashin kasuwa na Laraba zuwa na Juma'a yini biyu ne: Alhamis mai ɗauke da rahoto, da Juma'a ta yau da kullum. Ba a tara sigima kai tsaye, sai an ninka kowace da kanta. Goma sau goma 100, a cire biyu sau biyu na Juma'a, saura 96. Lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 96 ita ce 9.8. A ninka da 0.8, sai a samu 7.8. Wato kasuwa ta saka matsakaicin motsin kashi 7.8 a kan ranar rahoton ita kaɗai. A kwantiragi mai saura yini biyu gyaran ƙarami ne, amma in wa'adin da ya fi kusa yana da saura mako biyu ko uku, wanda bai yi wannan cirewar ba zai zaci kasuwa tana tsammanin tsalle fiye da yadda take tsammani.

Mataki na biyu, ka kwatanta da tarihin kamfanin. Ka ɗauko farashin rufewa kafin kowane rahoto da na rufewa bayansa, ka manta da sama ko ƙasa, girman kawai. Bari in ƙirƙiro maka lambobi don misali: rahotanni takwas da suka wuce sun ba da kashi 3, 11, 5, 4, 14, 6, 2 da 7. Matsakaicinsu 6.5. Da ka sayi sitiradul na kashi 8 kowane karo, da ka ci sau biyu, 3 da 6, ka yi asara sau shida, jimillar 21, ka tashi da giɓin 12. A kallon farko wannan ya ce kada ka saya. Amma ka lura da raunin hujjar. Ka cire 14 ɗin nan guda, matsakaici ya faɗo 5.4. Ka ƙara rahoto ɗaya mai kashi 25, ya haura 8.6, sai sitiradul ɗin ya zama kamar mai araha. Lamba takwas ba su isa su yanke hukunci a kan abin da ribarsa ke zuwa daga ranaku ƙalilan ba. Amfanin tarihin shi ne ya nuna maka in farashin yau ya fita daga al'ada ƙwarai, sannan ya tilasta maka tambayar me ya canza. In kana da bayanan, abin da ya fi amfani shi ne ka jera motsin da aka saka a farashi kafin kowane rahoto kusa da wanda ya faru, domin a nan ne za ka ga ko kasuwa ta saba raina wannan kamfanin ko ta saba kambama shi.

Abubuwan da kan sa in saurari mai cewa wannan karon motsin zai fi girma su ne irin waɗannan: kamfanin yana da bashi mai yawa ta yadda ƙaramin canji a riba ke girgiza ƙimar hannun jari, ko makomarsa ta rataya a kan lamba ɗaya da ba wanda ya san inda za ta faɗa, ko masu cacar faɗuwarsa sun yi yawa har labari mai daɗi zai tilasta musu saye da gaggawa. Amma ko a nan tambayar tana nan: su masu saka farashin ba su san wannan ba ne? Galibi sun sani. Akasin haka ma yana faruwa. In kamfani ya riga ya fitar da hasashen sakamakonsa makonni kafin ranar, ko manyan abokan gasarsa sun riga sun ba da nasu rahoton, an riga an sha rabin labarin.

Akwai dabarar da za ka ji ana yaɗawa, cewa a saya mako biyu kafin rahoto lokacin da IV ke ƙasa, a sayar dab da sanarwa lokacin da ta hau, a kauce wa rushewar. Hawan IV kafin sanarwar riba abu ne tabbatacce, Patell da Wolfson sun rubuta a kansa tun 1979. Sai dai hawan IV daban, hawan kuɗin sitiradul daban. Mu koma lambobinmu. Saura yini goma na kasuwa wa'adi ya cika, akwai yini tara na yau da kullum, kowanne biyu sau biyu 4, jimilla 36, a haɗa da 96 na rahoto, 132. Sigimar ta zama 11.5, sitiradul kuma kusan dala 9.20. IV a ranar tana wajen 58. Ranar Larabar rahoto IV ta kai kusan 112, in ana ƙirga yini 252 na kasuwa a shekara (manhajar da ke ƙirga kwana 365 za ta nuna lamba mafi girma). IV ta kusa ninkawa, amma sitiradul ɗin ya sauko daga 9.20 zuwa 8, in hannun jarin yana nan a 100. Babu abin da ya ƙara tsada. Tsallen guda ɗaya ne ake rabawa a kan ranaku da ke ta raguwa, shi ya sa lambar shekara ke kumbura. Mai wannan dabarar yana cin riba ne kawai idan kasuwa ta ɗaga kiyasinta na tsallen kansa, daga 9.8 zuwa 11 misali, ko kuma hannun jarin ya yi tafiya mai nisa kafin ranar. Hakan yana faruwa, kuma haɗarin dabarar ya fi na kwana da kwantiragi a daren rahoto sauƙi, amma ba kuɗin banza ba ne kamar yadda hoton hawan IV ke nunawa.

Haka zancen yake ga masu cewa a sayi wa'adi mai nisa don rushewar ta yi sauƙi. Da lambobin nan, sitiradul mai saura yini 22 zai kai kusan 10.70. In aka motsa da dala 5, washegari zai koma wajen 8.40, asarar kashi 22 maimakon 32. Ka ga ciwon ya ragu a ma'aunin kashi, amma a dala kusan ɗaya ne, 2.30 da 2.60. Shingen kuma ya ƙara tsawo: kana buƙatar motsin kusan 9.2 washegari kafin ka mayar da kuɗinka, domin ƙimar lokacin da ka biya tana narkewa yayin da farashi ke nisa da 100. Wa'adi mai nisa yana sassauta asara idan ba a motsa ba, yana kuma rage riba idan an motsa.

Saura wasu abubuwa na aiki da kan ci kuɗin mutane ba tare da lissafi ya yi kuskure ba. Ka tabbatar da ranar da lokacin sanarwar daga kamfanin kansa, domin kalandojin intanet wani lokaci kiyasi suke sakawa, kuma kwantiragin da wa'adinsa ya cika kafin rahoto ba shi da tsallen a cikinsa ko kaɗan. In ka ga sitiradul ya yi araha fiye da kima, wannan ne abu na farko da za ka bincika. Ka kuma san ko kafin buɗe kasuwa za a sanar ko bayan tashi, don kada ka makara da yini guda.

Sannan farashin da kake gani da daddare ba naka ba ne. Hannun jari yana ci gaba da ciniki bayan ƙarfe 4 na yamma agogon New York, amma kwantiragin mafi yawan kamfanoni sai an buɗe da 9:30 na safe. Sau da yawa rahoto yana fita farashi ya yi tsallen kashi 12, sai shugabannin kamfani su fara magana da masu sharhi a kan hasashen watanni masu zuwa, kafin gari ya waye tsallen ya koma 4. Kana kallo ba ka iya sayarwa. Mai babban asusu zai iya kulle ribar ta hanyar sayar da hannun jari 100 a cinikin dare a madadin kol ɗinsa, amma wannan yana buƙatar izinin sayar da abin aro da kuɗin jingina, kuma ba kowa ke da su ba.

Ka yanke shawarar fita tun kafin ka shiga. In motsin ya gaza, kamar naka, zaɓin yana tsakanin karɓar 540 yanzu ko jiran Juma'a. Jiran ba ci gaban cinikin farko ba ne, sabuwar caca ce a kan cewa hannun jarin zai ƙara hawa dala 3, domin a 105 sitiradul ɗinka ya kusa zama kol zalla, kuma duk dalar da farashi ya sauko kusan dala ce daga aljihunka. In ba za ka sayi kol ɗin nan yau a 5.20 da sabon kuɗi ba, babu dalilin riƙe shi. Kada kuma ka bar shi ya cika wa'adi ba ka rufe ba: a ƙa'idar kasuwar Amurka, kwantiragin da ya ƙare da ko santi ɗaya cikin riba ana zartar da shi kai tsaye sai in ka ba da umarnin akasin haka, sai ka wayi gari Litinin da hannun jari 100 na dala 10,000 da ba ka yi niyyar saye ba, ko kuma dillali ya rufe maka da kansa ranar Juma'a a farashin da ya samu.

Game da yawan kuɗin da za ka saka, ka ɗauka cewa rasa rabi zuwa kashi biyu bisa uku na kuɗin sitiradul a dare ɗaya abu ne na yau da kullum, ba mummunar ƙaddara ba. Da damar cin da ba ta wuce 42 cikin 100 ba, yiwuwar faɗuwa sau biyar a jere ta kai kusan kashi 6 zuwa 7 a kowane jerin ciniki biyar, kenan wanda ke yin wannan a kowane zangon rahoto zai gamu da ita ba da daɗewa ba. In dala 800 ɗin nan babban yanki ne na asusunka, kuɗin zai ƙare kafin babban tsallen da ake jira ya iso. Odar tsayar da asara kuma ba ta taimaka maka a nan, tunda asarar tana faruwa ne a lokacin da kasuwar kwantiragi take rufe.